Mai gadin akwatin imel: yadda ake barin sallahu kafin a bar ofis

Kwanakin baya na aika wa wani ofishi imel ina neman takardar biyan kuɗin wani aiki da na yi musu. Kafin in ɗauke hannu daga kwamfuta sai ga amsa ta shigo. Na yi murna, na ce yau na haɗu da masu cika aiki. Da na buɗe, sai na tarar da layi ɗaya tal: ma'aikacin ya tafi hutun Sallah, zai dawo mako mai zuwa. Wace Sallar? A lokacin an fi wata biyu da cinye naman layya. Wane makon? Wa zan nema kafin nan? Babu ko ɗaya a ciki. Na zauna ina kallon saƙon, ban san ko mutumin yana ƙauyensu ba ko kuwa yana zaune a kujerarsa ya manta bai kashe abin ba.

Abin da ya amsa mini shi ne amsar da akwatin imel ke turawa da kansa idan mai shi ba ya nan. Tsohon abu ne a duniyar kwamfuta. Tun a shekarun 1980 wani Ba'amurke mai suna Eric Allman ya rubuta wata ƙaramar manhaja da ake kira `vacation` don wannan aikin, kuma Gmail da Outlook na yau duk a kan wannan turbar suke. Mu kuwa mun san shi tun kafin kwamfuta. Ɗan kasuwar da zai tafi masallaci ba ya barin rumfarsa haka kawai, sai ya ce wa maƙwabcinsa, “Don Allah duba mini, in an zo nemana ka ce bayan La'asar, mai gaggawa kuma ya ga yarona.” Sallahu ke nan. A cikin wannan 'yar maganar akwai lokacin dawowa, akwai wanda za a nema. Amsar imel ɗin da ta rasa waɗannan biyun ba ta kai sallahun ɗan kasuwa ba, komai kyan Turancinta.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wata ma'aikaciya ce a sashen sayayya na wani kamfani, ita ke karɓar takardun 'yan kwangila, kuma Allah ya nufe ta da zuwa aikin Hajji. Ranarta ta ƙarshe a ofis ita ce Juma'a, 16 ga Mayu, a kalandar 2025. Na zaɓi tafiyar Hajji da gangan, domin ita ce tafiyar da aka san ranar fita amma ranar dawowa tana hannun jadawalin jirage. Duk wanda ya taɓa zuwa tarbar alhazai ya san ana iya cewa Laraba, jirgi ya sauka Asabar.

Ranar da za a rubuta

Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta ranar da mutum zai iso gida. Wanda ya aiko imel bai damu da ranar da jirgi zai sauka ba. Abin da yake son sani shi ne ranar da zai samu amsa. Hajiyarmu tana sa ran sauka wajen 20 ga Yuni. Idan ta rubuta wannan ranar, to, ranar 21 ga wata 'yan kwangila za su fara kiranta, alhali wataƙila tana Jidda tana jiran jirgi, ko tana gida 'yan barka da sauka sun cika falo, ga tarin da alhazai kan dawo da shi. Don haka sai ta duba takardar hutunta, ta ga ranar da ofis ya amince ta koma bakin aiki, wato Litinin, 30 ga Yuni. Wannan ce ranar da za ta shiga saƙon. Idan Allah ya sa ta dawo da wuri ta amsa wa mutane kafin nan, ba wanda zai yi ƙorafi. Wanda aka yi wa alkawarin 20 ya ji shiru har 30 kuwa, shi ne zai ce an raina shi.

Ni a ganina ma ya kamata ta ƙara wa kanta kwana biyu ko uku a cikin saƙon, ta ce za ta koma ofis Litinin, amma amsa saƙonnin da suka taru zai iya kaiwa Laraba. Wanda ya yi mako shida ba ya nan ba zai gama karanta akwatinsa da safiyar rana ɗaya ba, kuma faɗin haka tun farko ya fi a zo ana ba da haƙuri daga baya.

Sai yadda ake rubuta ranar. Wannan saƙon sau ɗaya ake rubuta shi, amma ana karanta shi a ranaku daban-daban, wani a makon farko, wani a mako na biyar. Shi ya sa kalmomi irin su “jibi”, “mako mai zuwa”, “ƙarshen wata” da “bayan Sallah” ba su da amfani a cikinsa. Ma'anarsu tana canjawa kullum gari ya waye. Haka nan rubuta kwanan wata da lambobi zalla yana da hatsari. Idan ka rubuta 6/7, mu a nan za mu karanta 6 ga Yuli, amma Ba'amurke zai karanta 7 ga Yuni, saboda su wata suke fara rubutawa. Tazarar wata guda ke nan daga lambobi biyu. Maganin abin shi ne a rubuta sunan ranar, da lambar, da sunan watan da haruffa, har da shekarar. Shekarar tana da wani amfani na daban: idan mutum ya sake kunna tsohon saƙon a hutu na gaba bai gyara ba, mai karantawa zai gane nan take cewa na bara ne.

Wanda za a nema

Wannan ɓangaren ba a kwamfuta yake farawa ba. A teburin abokin aiki yake farawa. Kafin Hajiya ta rubuta sunan kowa, sai ta je ta same shi. “Malam, zan sa sunanka a saƙona, duk mai takardar kwangila ya neme ka. Ka amince?” Sannan ta tambaye shi ko shi ma yana da wata tafiya a cikin waɗannan makonnin. Tambayar ba ta banza ba ce. Lokacin Babbar Sallah rabin ofis kan watse, kuma ba abin mamaki ba ne ka aika wa wance, amsarta ta ce ka nemi wane, ka aika wa wane, amsarsa ta ce ka nemi wance. An mayar da kai ƙwallo ke nan tsakanin akwatuna biyu da babu mutum a bayansu.

Idan ya amince, sai ta ba shi abin da zai yi aiki da shi: jerin takardun da ke kan hanya, waɗanda aka biya da waɗanda ake jira, da iyakar abin da zai iya yanke hukunci a kai. Wanda aka sa sunansa ba a ba shi komai ba, abin da zai riƙa faɗa wa mutane shi ne “sai ta dawo”, wanda kuwa na'ura ma ta riga ta faɗa.

Akwai wani abu da mutane da yawa ba su gane ba, kuma shi ke jawo asara. Amsar nan ba ta miƙa saƙon ga abokin aikin. Imel ɗin ɗan kwangila yana nan kwance a akwatin Hajiya, Malam bai gan shi ba, bai ma san an aiko ba. Miƙa saƙo ga wani akwatin tsari ne daban da ake kunnawa daban, kuma wasu ma'aikatu ba sa yarda da shi. Saboda haka dole saƙon ya fito fili ya ce, “Ba a tura wa kowa saƙonku ba, sai ku sake aikawa zuwa adireshi kaza.” In ba haka ba, mai aikowa zai naɗe hannu yana zaton maganarsa ta isa inda ya kamata.

Kuma idan aikin ya kasu, a raba sunayen gwargwadon aikin, amma kada su wuce biyu, ko uku in ya zama dole. Inda ofis ke da adireshin sashe wanda mutane da yawa ke dubawa, shi ya fi adireshin mutum ɗaya, domin sashe ba ya tafiya hutu. Ga yadda saƙon Hajiya zai iya kasancewa:

“Assalamu alaikum. Na gode da saƙonku. Ba na ofis daga Litinin, 19 ga Mayu, kuma zan koma aiki ranar Litinin, 30 ga Yuni, 2025, in sha Allah. Ba zan riƙa duba imel ba a wannan tsakani, kuma ba a tura wa kowa saƙonku ba. Idan maganar takardun kwangila ce, ku sake aikawa zuwa ga Malam Wane a `sayayya@example.com`. Idan maganar biyan kuɗi ce, ku nemi sashen kuɗi a `kudi@example.com`. Abin da zai iya jira kuwa, zan amsa shi zuwa Laraba, 2 ga Yuli.”

Ku lura da abin da babu a ciki. Ba ta ce ta tafi Makka ba, ba ta ce gidanta babu kowa ba, ba ta ba da lambar wayar Malam ta gida ba. Ba kuma ta ce “zan riƙa leƙawa lokaci-lokaci” ba. Wannan jimlar ita ce ta fi kowace ɓata aiki, domin kowa zai ɗauka nasa saƙon ne za a leƙa, sai ya ƙi neman wakilin. Wanda ya san ba zai duba ba, ya faɗi haka.

Inda ake dannawa

A Gmail, idan a kwamfuta ne, za a danna alamar saiti da ke sama ta hannun dama, a zaɓi `See all settings`, sannan a gangara ƙasan shafin `General` har a iso `Vacation responder`. A wasu asusun sunan da ke wurin shi ne `Out of Office AutoReply`, abu ɗaya ne. A kunna shi, a cike `First day` da `Last day`, a rubuta kan saƙo da saƙon kansa, sannan a danna `Save Changes` a can ƙasa. Wannan dannawar ta ƙarshe ita ake yawan mantawa, mutum ya rufe shafi ya tafi, alhali bai ajiye komai ba. Alamar cewa abin ya kama shi ne wani layi da ke fitowa a saman akwatin idan ranar farawa ta yi, ɗauke da kan saƙon da kuma `End now`. A waya ma akwai shi, a cikin `Settings` na manhajar Gmail.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne `Last day`. Gmail yana fara amsawa da ƙarfe 12 na daren da ranar farko ke shiga, kuma yana ci gaba har 11:59 na daren ranar ƙarshe. Ma'ana, ranar ƙarshe tana cikin hutun. Idan Hajiya ta sa 30 ga Yuni a wurin, za ta wuni a kujerarta ranar Litinin tana aiki, akwatinta yana gaya wa mutane ba ta nan. Abin da ya dace ta sa shi ne Lahadi, 29 ga Yuni. A `First day` kuma ta sa Asabar, 17 ga Mayu, don masu aiko saƙo a ƙarshen mako su samu labari. Gmail bai tilasta a cike ranar ƙarshe ba, kuma wanda ya bar ta babu komai, amsarsa za ta yi ta fita har ranar da ya tuna. Ina kyautata zaton abin da ya samu mutumin da na ba da labarinsa a farko ke nan.

A Outlook na kwamfuta, irin wanda yawancin ofisoshi suka saba da shi, hanyar ita ce `File`, sannan `Automatic Replies`, a zaɓi `Send automatic replies`, a sa alama a `Only send during this time range`. Shi har da sa'a yake karɓa, don haka ana iya cewa ya fara ƙarfe 5 na yammacin Juma'a ya tsaya ƙarfe 8 na safiyar Litinin. Wanda ya duba bai ga `Automatic Replies` ba, galibi asusunsa ba a kan tsarin Exchange ko Microsoft 365 yake ba. A irin wannan hali ya fi sauƙi ya shiga shafin imel ɗin kamfaninsu ta intanet ya saita daga can, ko ya nemi ma'aikacin da ke kula da kwamfutocin ofis. Akwai wata dabara ta kafa ƙa'ida a cikin Outlook ɗin kansa, amma ita sai kwamfutar tana kunne manhajar tana buɗe take aiki. Da wutar lantarkinmu, ba zan ba kowa shawarar ya dogara da ita na mako shida ba.

Na gida da na waje

Outlook yana ba da gurabe biyu, `Inside My Organization` da `Outside My Organization`, wato saƙo ɗaya na abokan aiki, ɗaya na mutanen waje. A yi amfani da su. Abokan aiki za a iya gaya musu komai, har da lambar ofishin wakili da inda fayiloli suke. Na waje kuwa a taƙaita. Dalilin shi ne amsar ba ta san fuska ba, duk wanda ya ƙwanƙwasa za ta gaya masa. Ɗan damfara da ya samu labarin cewa mai kula da sayayya tana Saudiyya har ƙarshen Yuni, kuma Malam Wane ne ke riƙe da aikinta, ya samu jarin da yake nema. Sai ya buɗe adireshi mai kama da nata, ya rubuta wa Malam cewa tana Madina, layinta ba ya shiga, don Allah a biya wani ɗan kwangila yau a sabon asusu. Labarin ya yi daidai da abin da Malam ya sani, shi ya sa yake kama mutane. Kafin tafiya, yana da kyau su yi yarjejeniya baki da baki cewa duk umarnin kuɗi da ya zo da sunanta a wannan lokacin ba nata ba ne.

Gmail na kowa da kowa ba shi da gurabe biyu, amma yana da wani akwati da ake sa wa alama, `Only send a response to people in my Contacts`, wanda ke taƙaita amsar ga mutanen da ke cikin jerin adiresoshin mutum. Yana rufe ƙofa ga baƙi, sai dai har da baƙon alheri. Sabon abokin ciniki da bai taɓa rubuto maka ba zai ji shiru. Ga akwatin harkokin gida, a sa alamar. Ga wanda aikinsa karɓar baƙi ne kamar Hajiya, gara a bar shi a buɗe, a rage bayanin da ke cikin saƙon.

Sai harshe. Idan masu rubuto maka wasu Hausa suke ji wasu Turanci, ko Faransanci ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, a rubuta saƙon da harsunan biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya. A shekarar 2008, hukumar birnin Swansea da ke yankin Wales a Birtaniya ta aika wa sashen fassara imel tana neman a fassara mata rubutun wani allon hanya zuwa harshen yankin, allon da ke hana manyan motocin kaya shiga wata unguwa. Amsa ta dawo da harshen Wales, su kuma ba sa jin harshen, suka ɗauka fassarar ce. Aka buga ta a allo aka kafa a bakin titi. Masu jin harshen da suka zo wucewa sai suka karanta cewa mai fassara ba ya ofis a halin yanzu, a aiko da duk aikin da ake son fassarawa.

Gwaji, da abin da ke ruɗa masu gwaji

Bayan an saita, a roƙi wani ya aiko da imel daga nasa adireshin, a ga abin da zai samu. A karanta shi kamar baƙo: ranar daidai take? Adireshin wakili babu harafin da ya faɗi? Harafi ɗaya da ya ɓace a adireshi ya isa ya sa mutane su yi mako shida suna aika saƙo inda babu kowa. A tuna cewa idan ranar farawa ba ta yi ba, babu amsar da za ta fito, don haka mai son gwadawa ranar Juma'a sai ya sa Juma'ar a matsayin ranar farko.

Abin da ke tayar wa mutane hankali shi ne gwaji na biyu. Abokinka ya aiko, amsa ta je. Ya sake aikowa bayan minti biyar, shiru. Sai ka ce abin ya lalace. Lafiyarsa lau, haka aka gina shi. Gmail ba ya sake amsa wa mutum ɗaya sai bayan kwana 4, ko kuma idan an gyara saƙon. Tsarin Exchange da ke bayan Outlook na ofisoshi kuwa sau ɗaya yake amsa wa kowane mutum a tsawon hutun. An yi haka ne don kada a dami mutane, kuma don kada akwatuna biyu da masu su duk suka yi tafiya su kama amsa wa juna ba tsayawa. Gmail ba ya kuma amsa saƙonnin da suka faɗa akwatin shara na `Spam`, ko waɗanda aka aiko wa taron masu rajista gaba ɗaya.

Wannan “sau ɗaya” yana da wani sakamako ga Hajiya. Ɗan kwangilar da ya samu amsarta a makon farko, idan ofishinsu Outlook suke amfani da shi, ba zai sake ganin ta ba ko da ya rubuto a mako na biyar. Idan tafiyar ta ja har ranar komawa aiki ta canja, waɗanda suka riga suka karanta tsohuwar ranar suna nan a kanta. Gyara saƙon daga waya yana da sauƙi, amma manyan abokan hulɗa sai wakilinta ya sanar da su da kansa.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafin, kasuwancinsu ba a imel yake ba, a WhatsApp yake. Manhajar WhatsApp ta yau da kullum ba ta da wannan tsarin, amma WhatsApp Business tana da shi, a cikin `Business tools`, da sunan `Away message`. Ana iya sa masa ranar farawa da ta ƙarewa ta hanyar `Custom schedule`, a kuma zaɓi waɗanda za a amsa wa. Duk abin da aka faɗa game da rana da wakili yana aiki a nan. Bambancin guda ne, kuma babba ne. Amsar Gmail daga manyan kwamfutocin kamfanin Google take fita, ko wayarka tana kashe a ƙasan jaka. Ta WhatsApp Business kuwa sai wayar tana kunne kuma tana da intanet. Mai shagon atamfar da zai tafi Hajji da wayar kasuwancinsa, duk lokacin da data ta yanke masa a Mina, masu tambayar farashi shiru za su ji. Gara ya bar wayar shagon a hannun yaron shago, da caja da data na wata biyu, ya tafi da tasa ta kansa.